Bashin Gandu: Hassada da Nisa Tsakanin Wa da Ƙane a Karkarar Kano

 

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir har Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Ɗambatta, ya san wani irin gida. Wa da ƙane ne, ba su taɓa yin faɗa ba, ba a taɓa kai su gaban mai unguwa ba, idan sun haɗu a masallacin Idi suna gaisawa har da tambayar iyali. Amma shekaru sun shuɗe rabon da su ci tuwo a kwano ɗaya. Ƙanen Allah ya buɗa masa, wan yana nan inda mahaifinsu ya bar shi. Mutanen gari sun riga sun yanke hukunci: wan ne ke hassada. Abin da nake son kafa wa hujja a yau shi ne, a irin wannan ƙasa tamu, abin da ake kira hassadar ɗan'uwa galibi abu biyu ne a cakuɗe. Akwai zafin zuciya na ganin naka ya wuce ka, akwai kuma wani haƙƙi na gumi da ba a taɓa zama an ambata ba. Da yake mai jin zafin ba ya iya raba su, sai ya ɗauki duka biyun a matsayin zunubi, kunyar kansa ta kama shi, ya janye jiki. Wannan janyewar ce ke kashe zumunci, tun kafin hassadar ta yi wata ɓarna.

Sai mun fara da ƙasa kafin mu zo kan zuciya. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya soma nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa yankin da ke kewaye da birnin yana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a yammacin Afirka. Gona na jikin gona, gamba ko 'yar itaciya ce iyaka, kuma ana noma mafi yawan ƙasar kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ke riƙe da ita shi ne taki: na awaki da tumakin da ake ɗaurewa a gida ana ba su harawa, da toka da sharar gida, da wanda a da ake ɗaukowa daga birni a mangala bisa jakuna. Wannan yana da sakamako biyu ga 'yan'uwa. Na farko, babu dajin da matashi zai je ya sara ya buɗe sabuwar gona, don haka duk taƙin ƙasar da ya ƙaru a hannun wani, daga hannun wani ya fito. Na biyu, darajar gona ba faɗinta kaɗai ba ne. Gonar da aka shekara ashirin ana zuba mata taki ta sha bamban da wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi, ko da igiya ɗaya ta auna su.

A kan wannan ƙasa aka gina gandu. Kun san tsarinsa: 'ya'ya maza, har da masu aure, suna yi wa gonar uba aiki tun safe har wajen azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Uba kuma shi ke ciyarwa daga rumbun gandu, shi ke yi wa ɗa auren fari, shi ke biyan haraji kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a 1979. Ba a rubuta komai, ba a ƙidaya kwanakin aikin kowa, domin an ɗauka cewa kowa zai zauna, kuma abin da aka tara na kowa ne. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta ƙasar Katsina a littafinta na 1972, sannan ta yi na Ɗorayi a nan Kano a littafinta na 1977, ta lura cewa gandun uba da 'ya'ya yana daɗewa, amma gandun wa da ƙane bayan mutuwar uba ba ya cika yin ƙarko. Wato tun kafin boko da albashi su yi yawa, ranar rabon gado ita ce ranar da lissafin da ba a rubuta ba yake tashi. Abin da zamani ya ƙara shi ne, yanzu ɗaya daga cikin 'ya'yan yana iya fita daga gandu tun uba na da rai, kuma da kuɗin gandun zai fita.

Bari mu ɗauki misali, ba na wani gida takamaimai ba, mu bi shi daki-daki. Magidanci ne a ƙasar Bichi, yana da gona eka 8, mata biyu, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, babban ɗansa ya riga ya kai ƙarfin riƙe garma, autan kuwa shekararsa shida. Da aka ce kowane gida ya kawo yaro, autan aka bayar, domin shi ne wanda rashinsa ba zai rage noman firi ko maimai ba. Ku lura, ba a gwada ƙwaƙwalwar kowa ba. Shekarar haihuwa ce ta yi zaɓen. Autan ya wuce makarantar gaba, ana aika masa da gero da 'yan kuɗin kashewa. Da ya gama ya ga albashi ba zai kai shi ko'ina ba, sai uban ya sayar da sa guda da aka yi kiwo da harawar gandu, ya ba shi jari, ya shiga kasuwar hatsi ta Dawanau. Allah ya sa wa abin albarka. Duk tsawon wannan lokaci babban wan yana gona, shi ke kai taki da rani, shi ke huɗa, shi ke ɗaure dami, shi ke jinyar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare.

Uban ya rasu, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Malami ya zo ya raba yadda shari'a ta tsara. Matan biyu suka haɗu a kan sumuni, wato eka ɗaya, kowacce rabi. Saura eka 7 aka kasa bakwai, namiji na da rabon mata biyu: kowane ɗa namiji eka 2, macen eka ɗaya. Rabo ya yi daidai, babu mai iya tsinkar kuskure a ciki. To amma ku dubi abin da kowa ya tashi da shi. Autan ya tashi da eka 2 da ilimi da jari. Babban wan ya tashi da eka 2 da mata da 'ya'ya barkatai, bayan jiya yake juya eka 8. Takin da ya shekara yana zubawa ya tafi tare da ƙasar, an raba shi takwas. San da aka sayar bai shiga lissafi ba, domin kyauta ce da uba ya yi yana da rai, an kuma karɓa. Bayan 'yan shekaru 'yar'uwarsu ta so sayar da kasonta, wan ba shi da kuɗi, autan ya saya don kada gonar ta fita daga gida. Sai kuma auren 'yar wan ya taso, kayan ɗaki suka gagara, ya jinginar wa autan eka ɗaya. Kowane mataki da niyyar taimako aka yi shi. Amma ƙarshensa, wan yana noma eka ɗaya, ƙanensa na riƙe da 4, kuma wata rana ɗan wan zai yi ƙwadago a gonar da ubansa ya raya.

Me mutumin nan zai ji ranar da ƙanensa ya shigo gari da sabuwar mota, yara na bin ta a guje? Zai ji wani abu ya soke shi, kuma nan take zai gane sunan abin, domin tun yana ƙarami yake jin wa'azi a kansa. Ya san labarin 'ya'yan Annabi Adamu biyu, ya san na 'yan'uwan Annabi Yusufu, ya san cewa kisan farko a bayan ƙasa tsakanin wa da ƙane aka yi shi. Don haka ba ƙanen zai fara tuhuma ba, kansa zai tuhuma. Zai ce, ashe ni mugu ne, ina baƙin ciki da jinina. Maganar haƙƙinsa kuwa, ko a ransa ba zai bari ta kammala ba, domin da ya soma tuna san nan da aka sayar, sai ya ji kamar shaiɗan ne ke kawo masa hujja. Kuma ya san ko ya furta, amsar da zai samu a majalisa ita ce hassada ga mai rabo taki ce. Karin maganar gaskiya ce a muhallinta, amma a bakin mutanen gari ta zama abin rufe bakin duk wanda ya rage a baya. Idan kuma ba ɗaki ɗaya suka fito ba, to an gama: a ce 'yan'ubanci ne, kishin iyaye mata ne ya gangaro, a wuce wurin.

Dalilin da ya sa abin ya fi zafi tsakanin 'yan'uwa ba ɓoyayye ba ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa hassada ta fi yawa tsakanin tsara da makusanta, 'yan'uwa da 'ya'yan baffanni, saboda su ne ke haɗuwa a kan buƙata ɗaya. Manomin Makoɗa ba ya rasa barci don dukiyar Ɗangote. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Abraham Tesser, ya ƙara wani abu a kan wannan a shekarun 1980, wanda ya shafi batunmu kai-tsaye. Ya nuna cewa idan makusancinka ya yi fice a abin da bai shafi yadda kake auna kanka ba, alfahari kake yi da shi. Idan kuwa ya fi ka a abin da kake auna kanka da shi, za ka ji ciwo, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da mutane ke bi su rage ciwon ita ce rage kusancin. Da ƙanen hafizin Alƙur'ani ya zama, da wan ya fi kowa faɗa a gari. Amma ya fi shi ne a ciyar da gida, da yi wa uwa sutura, da yanka ragon layya, da riƙe gonar gado, abubuwan da ake auna babban wa da su.

Nisan ba ya zuwa da hayaniya, shi ya sa ba a farga da wuri. Wan zai daina zuwa gidan ƙanensa sai da dalili. Ranar suna zai zo da asuba a yi addu'a ya sulale kafin a kawo abinci. Idan buƙata ta kama shi, gara ya ci bashi wurin bare da ya roƙi ƙanensa. Idan an aiko masa da buhun shinkafa da azumi zai yi godiya mai yawa, fiye da yadda ake yi wa ɗan'uwa. A nan ne ake iya bambance shi da mahassadi na gaske. Mahassadi yana magana: yana jefa shakku a kan inda kuɗin suka fito, yana sakin fuska idan ya ji an yi asara, yana hana 'ya'yansa gaida baffansu. Wanda kunya ke ci kuwa shiru yake yi, kuma idan bare ya taɓa ƙanen a gabansa, shi ne zai fara tashi. Abin takaici, daga ɓangaren ƙanen duka biyun kama ɗaya suke yi. Shi ma yana da nasa nauyin a zuci, domin ya san wanda ya noma geron da ya ci a makaranta. Sai ya soma ɓoye samunsa, ya rage zuwa gida, ya riƙa aike maimakon zuwa da ƙafa. Ba a rasa mai raɗa masa cewa ya yi hankali da kambun baka, ko a ce an ga wan a gidan wani malami. Daga nan tsoro ya shiga, ya daina cin abincin gidan da aka haife shi.

Na san akwai masu jayayya, kuma ta farko ta malamai ce. Za su ce arziki na Allah ne, yana ba wanda ya so, kuma wanda ya ji zafin ni'imar wani yana jayayya ne da rabon Ubangiji. Nema masa uzuri kuwa buɗe ƙofar ɓarna ne. Ban musa ko ɗaya ba. Amma malaman da kansu sun rarrabe. Sun ce hassadar da aka haramta ita ce son gushewar ni'ima daga mai ita. Wanda ke burin samun irinta ba tare da son ta gushe ba, wannan gibɗa ce, ba laifi. An kuma ruwaito daga Hasanul Basri cewa da aka tambaye shi ko mumini na hassada, sai ya tuna wa mai tambayar 'yan'uwan Yusufu, ya nuna cewa abin da ya tsaya a ƙirji ba ya cutar da mutum matuƙar bai kai shi ga hannu ko harshe ba. Ke nan mutumin da ke ƙin abin da yake ji, yana yaƙi da shi, ba shi ne wanda wa'azin ke nufi ba. Amma wa'azinmu na kasuwa da na rediyo bai cika yin wannan rarrabewa ba, sai ya zama mai tsoron Allah ne ya fi jin dukan, ya gudu daga ɗan'uwansa don gudun zunubi, ya faɗa cikin yanke zumunci, wanda babu saɓani a kan girman laifinsa. Sannan imani da ƙaddara bai taɓa soke adalci tsakanin 'ya'ya ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Buhari da Muslim: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, Annabi ya ƙi, ya yi umarni da a daidaita tsakanin 'ya'ya. Wanda ya hana wannan ya san abin da fifiko ke haifarwa bayan uba ya kwanta dama.

Jayayya ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta ƙanen. Zai ce, sa ɗaya aka ba ni, mutum nawa aka ba jarin da ya fi wannan suka cinye? Ni na kwana a kan buhuna, ni na ɗauki kasadar faɗuwar farashi. Kuma ko alƙali aka je, ba zai ce ana bi na ko sisi ba. Gaskiyarsa. A mazhabar Malikiyya kyautar uba ga wani ɗa, idan an karɓe ta yana da rai da lafiya, ta zauna, ko da an ƙi a yi hakan. Wan ma bai yi aikin banza ba, a gandun ya ci, a nan aka yi masa aure. Ba na cewa rabin dukiyar Dawanau tasa ce. Wanda ya ce haka ya shiga zalunci ta ɗaya ƙofar. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi wuya. Buhun shinkafar da ƙanen ke aikawa yana iya zuwa da suna biyu. Idan ya zo a matsayin taimako, kowane buhu yana ƙara tabbatar wa wan cewa shi abin tausayi ne, shi ya sa kyautar ke ƙara nisa maimakon ta rage. Idan kuwa ƙanen ya taɓa buɗe baki, a gaban uwa da baffanni, ya ce, Yaya, guminka na ci na yi karatu, wannan ba alheri nake maka ba, to buhun nan ɗaya ya zama abin da mutum zai karɓa kansa a ɗage. Mafi yawan masu samu sun fi iya bayar da dubbai a kan su faɗi wannan jimla.

Wasu kuma za su ce tono irin wannan lissafi tayar da fitina ne, gara a bar kaza cikin gashinta. Amsata ita ce lissafin ba ya kwance. Yana tashi a jikoki, a rikicin iyakar gona gaban dagaci, lokacin da waɗanda suka san asalin maganar duk sun mutu. Wurin da ya fi sauƙin gyara shi ne tun uba na da rai: idan ya sayar da sa ya ba wani jari, ya yanka wa wanda ya zauna gayauna mai kyau, ya mallaka masa a gaban shaidu, ya bar shi ya riƙe ta, domin wasiyya ga magaji ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda. Idan an makara, ranar rabo magada suna da ikon yin sulhu bisa yardarsu, su bar wa wan gonar bayan gida da ya fi zuba wa taki. Jingina kuwa tsakanin wa da ƙane ita ce mafi munin hanya, domin tana sa wan ya riƙa wuce gonarsa kullum yana ganin amfanin wani a kai, ban da ƙyamar da malamai ke yi wa cin amfanin abin da aka riƙe saboda bashi. Ƙanen da ke da hali ya ba da rance a bar gonar a hannun mai ita, ko su yi noman haɗin gwiwa, shi ya kawo takin zamani da iri, a faɗi rabon kowa tun kafin shuka.

Dole in amsa cewa wannan bayani bai game kowa ba. Akwai wanda babu gumin da aka ci masa, an ba shi dama iri ɗaya ya watsar, kuma yana son ganin ƙanensa a ƙasa. Wannan ciwonsa daban ne, gona ba ta warkar da shi. Akwai kuma 'yan'uwa mata, waɗanda nasu lissafin ba a rumbu yake ba. Yayar da aka cire daga makaranta ta yi tallan da aka tara kuɗin kayan ɗaki da shi, aka aurar da ita da wuri, ƙanwarta kuma ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar asibiti, tana jin irin abin da wan nan ke ji, kuma nata ya fi wuyar faɗa, domin ba ta da eka ko sa da za ta nuna. A wurin biki ake ganinsa, a wajen anko da gudummawa, inda ake kirga abin da kowacce ta kawo a bainar jama'a. Yayar za ta ce ciwon kai ya hana ta zuwa, ta aiko 'yarta. Dagaci ba ya zama a kan wannan, malamin rabon gado ma ba a kiransa. Mai iya shiga tsakani ita ce uwa ko gwaggo, kuma sau da yawa ita ce ta yanke shawarar wadda za ta yi talla da wadda za ta tafi makaranta, don haka kafin ta sasanta su sai ta yarda ta faɗi a gabansu cewa zaɓen nata ne, ba gazawar yayar ba.